Kwalayen ƙasa ne ke ta lotsewa kafin kaya su isa Agadas

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sarrafa garin kunu da busasshen dambu a nan Damagaram, ina ɗurawa a leda in jera cikin kwali. Kowane kwali kilo 12 ne, tsawonsa santimita 40, faɗi 30, tsayi 25. Muna ɗora su hawa shida a kan palet, a sarƙe kamar ginin bulo don kada su zube. Duk lodin da na tura Agadas sai an ce mini na ƙasa sun lotse, leda ta fashe. Na ƙarshe kwali bakwai na yi asara, kowane na jaka tara, wato sefa 9,000. Laifin direba ne ko na kwalin? Daga wata ƴar kasuwa a Sabon Gari.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Hanyar Tanut tana da nata rabon, amma yawancin ɓarnar nan tun daga magaza aka ɗauro ta, kuma ana iya gyara ta.

Ƙarfin kwali a kusurwoyinsa huɗu yake. Su ne ginshiƙan, su ke ɗauke da kusan kashi biyu cikin uku na nauyin da ke samansa. Tsakiyar bango da murfi ba su da wani ƙarfin kirki. To idan kika sarƙe kwalaye kamar bulo, kusurwar na sama takan sauka ne a tsakiyar bangon na ƙasa, wato ƙarfi ya hau kan rauni. Irin wannan jeri yana cinye kusan rabin ƙarfin kwali. Ya dace da buhu, ya dace da kwalin gwangwanin tumatir, inda gwangwanin da kansa ke ɗaukar kaya. Leda mai gari kuwa ba ta tallafar komai, kwalin ne shi kaɗai yake dako. Saboda haka ki jera kusurwa kan kusurwa, kowane kwali daidai a kan ɗan'uwansa. Tsoron zubewa gaskiya ne, amma maganinsa ɗauri ne: a sa shimfiɗar kwali guda tsakanin hawa na uku da na huɗu, a kafa kwali mai kauri da aka lanƙwasa a gefuna huɗu na lodin, sannan a naɗe da ledar naɗi tun daga katakon palet ɗin zuwa sama. In har sai an sarƙe, to hawa biyu na can sama kawai.

Sai ki ɗauki mita ki auna palet ɗinki, don ba duka ne girma ɗaya ba. Wanda ake kira na Turai santimita 120 ne da 80, akwai kuma mai 120 da 100. Kwalinki ya yi sa'a. A kan mai 120 da 80, in kika sa gefen 30 sau huɗu ya cika 120, gefen 40 sau biyu ya cika 80, kwali takwas ke nan a kowane hawa, babu rara babu giɓi. In aka juya su ta ɗaya fuskar shida kawai za su zauna, yaran lodi kuma sai su yi ƙoƙarin cusa ƙari, kwali ya leƙo waje. A kan mai 120 da 100 kwali goma ne: layi ɗaya na huɗu, layi biyu na uku-uku. Kada ki yarda kwali ya zarce bakin palet ko da faɗin yatsu biyu ne, domin kusurwoyi biyu sun rataye a iska ke nan, kuma hakan na iya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa. Haka ma idan kusurwa ta faɗa ramin da ke tsakanin katako da katako. Shimfiɗa kwali mai kauri ko falankin bulawut a kan palet kafin hawa na farko yana toshe wannan.

Yanzu ga lissafin da nake so ki riƙe. Hawa shida na nufin kwalin ƙasa yana ɗauke da biyar, kilo 60. Sai mutum ya ce ai 60 ba komai ba ne. A ranar farko, a ɗaki busasshe, haka ne. Amma kwali yana gajiya: in ya yi wata guda da kaya a kansa, kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙarfinsa ya tafi. Raɓar damina, musamman ta watan Ogusta, tana iya raba abin da ya saura biyu. Ga girgizar mota a kan haka, duk ramin da aka faɗa sai lodin ya ɗaga ya sake dira. Shi ya sa ake ninka nauyin sau biyar ga doguwar hanya marar kyau. Kilo 60 sau biyar, 300. Sabon kwali mai bango ɗaya na wannan girman yawanci wajen kilo 250 yake jurewa, mai bango biyu kuma yana kusantar 500. In ki duba bakin kwalin za ki ga bambancin: mai bango ɗaya layin lanƙwasa ɗaya ne a ciki, kaurinsa wajen milimita 4, mai biyu kuwa layi biyu, wajen milimita 7. Kin ga mai bango ɗaya bai kai ba tun kafin a sarƙe shi. In kuwa tsohon kwalin biskit ne da aka saya a kasuwar Dole, wanda ya riga ya sha tafiya, ba a ma maganarsa.

Kina iya gwadawa da kanki. Ki rufe kwali babu komai a ciki, ki ajiye shi a shimfiɗaɗɗen daɓen siminti, ki ɗora falanki a kai, a riƙa aza buhun siminti ɗaya bayan ɗaya a tsakiya, kowa ya janye ƙafarsa. Buhu shida kilo 300 ne. Wanda ya durƙushe kafin na shida bai dace da hawa shida ba. Ko ki sauya kwali, ko ki tsaya a hawa biyar: kilo 48 sau biyar, 240.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ke faruwa a tasha bayan mai kaya ya juya baya. A ɗora wani palet a kan naki, kwali 48 da katakonsa wajen kilo 600, in aka raba wa ginshiƙai takwas kowane kwalin ƙasa ya samu ƙarin kilo 75. Ko a ja igiya da ƙarfi ta nutse a kafaɗar kwali, ko yaron mota ya taka sama yana ɗaure tamfol. Ki tsaya ko ki tsayar da wani har a gama ɗauri, kuma a sa katako a ƙarƙashin igiyar.

Ki ce wa wakilinki na Agadas ya ɗauko miki hoton waɗanda suka lalace, don kowace ɓarna da alamarta. Bango ya kumbura waje kamar ciki, kusurwa ta tattare: nauyi ya yi yawa ko kwalin ya gaji. Karyewa a tsakiyar bango daidai inda na sama ya zauna: sarƙewa ce. Gefe ɗaya kawai ya durƙushe: ya leƙa bakin palet. Kwali ya yi laushi, takardarsa na ɓarewa: laima. Murfi ya lotsa ciki kuwa, ba a cika kwalin ba ne. Sararin da ya rage a sama kada ya wuce kaurin yatsa, in ya wuce a cike da takarda. Rufewa kuma da sikoc mai faɗi, layi ɗaya a tsakiya da biyu a gefuna, sama da ƙasa, bayan an goge ƙurar hunturu, in ba haka ba ba ya kamawa.

Ta fuskar kuɗi, kwali bakwai na jaka tara jaka 63 ce. A ce mai bango biyu ya fi wanda kike saye tsada da sefa 300, to ƙarin kuɗin palet guda gaba ɗaya sefa 14,400 ne, bai kai kuɗin kwali biyu na kayanki ba. In jari ya yi ƙaranci, ki sayi mai bango biyu na hawa uku na ƙasa kaɗai, guda 24, da ƙarin sefa 7,200, amma girmansa ya zama daidai da na sauran don kusurwoyin su haɗu.