Ambaliya ce ko fashewar fayif? Yadda takardar inshora ke raba su

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da siton atamfa da shadda a Kano. An kwana ana ruwa, da safe muka tarar kwata ta cika ta shigo ta ƙofa, kuma fayif ɗin tankin da ke saman bene ya tsinke. Kamfanin inshora ya ce ambaliya ce, ba ta cikin takardata. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar da alheri.

Suna iya yin gaskiya a kan rabin maganar, amma ban yarda su rufe ta gaba ɗaya ba. Takardar inshora ba ta duba yawan ruwan da ya taru a ɗaki, inda ruwan ya fito take dubawa. Galibin 'yan kasuwa masu inshora a Najeriya ta gobara suke saye, sai a ƙara mata wasu haɗurra kowanne da layinsa: guguwa, ambaliya, da fashewa ko tumbatsar tanki da fayif. Mutum na iya biyan kuɗin wani layi ya bar wani, sau da yawa ma bai sani ba. Don haka ka buɗe shafin farko inda aka jera abin da ka saya, ka ga waɗanda ke ciki.

Ambaliya a harshen takarda ita ce ruwan da ya tsallake mazauninsa ya malalo daga waje ta ƙasa: kogi, tafki, magudana ko dam, irin abin da ya faru a Maiduguri a Satumbar 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle. Wasu takardun na ambaton magudanar titi ƙarara, wasu kuma sai an yi ja-in-ja, amma ruwan kwatar da ya shigo maka ta ƙofa kusan kullum nan ake jefa shi. Fashewar fayif kuwa ruwan cikin gini ne da ya kuɓuce farat ɗaya daga abin da aka gina don riƙe shi.

Kai asara biyu ka yi a dare ɗaya, kuma ruwa yana barin shaida. Na kwata yakan bar laka da shara da wari, ya zana layi a bango daidai inda ya tsaya, ya jiƙa kaya daga ƙasa zuwa sama. Na tanki mai tsabta ne, yana ɓata silin, ya jiƙa dilolin da ke can sama alhali na tsakiya a bushe suke. Idan layin laka bai wuce gwiwa ba amma shaddar da ke kan kanta ta sama ta jiƙe, to ba kwata ce ta hau can ba.

A ce kayan siton na naira miliyan 12 ne, ka yi inshorar miliyan 8, asara kuma miliyan 3: miliyan 1.8 ta ƙasa, miliyan 1.2 ta sama. In babu ambaliya a takardarka, ta ƙasan ta tafi. Ta saman ma ba duka za a ba ka ba, domin kashi biyu cikin uku na darajar kayan ka yi wa inshora, sai a biya ka daidai hakan, wato 800,000. Sannan a cire kason da takarda ta ce mai kaya ne zai ɗauka. In kashi 10 cikin ɗari ne, saura 720,000.

Ga inda za su iya kama ka. Mai ƙiyasta asara da za su turo zai tambayi abin da ya tsinka fayif ɗin. In iska ce ta ture tankin, magana ta koma layin guguwa. In kuwa ya daɗe yana ɗiga, akwai tsatsa da gansakuka a bango, za su ce lalacewa ce ta a hankali, ita kuma ba a biyanta. Shi ya sa kada ka bari mai gyaran famfo ya jefar da guntun da ya tsinke. Ka ajiye shi, ya kuma rubuta maka abin da ya gani. Kuɗin gyaran fayif ɗin kansa yawanci naka ne, ɓarnar da ruwan ya yi ake biya.

Ko da akwai ambaliya a takardar, duba sharaɗin ɗora kaya a kan katako, yawanci santimita 15 daga daɓe. Wanda ya jibge dila a ƙasa yakan rasa haƙƙinsa a nan.

Ka ɗauki hotunan bango da silin kafin a yi fenti, ka haɗa rasit, ka rubuta musu cewa kana neman diyyar ɓangaren fayif shi kaɗai. In sun ƙi, su ba ka dalili a rubuce tare da layin da suka dogara da shi, da wannan takardar za ka kai ƙorafi NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya.