Yadda ya kamata a jera fomulolin fiziks a takardar bita

"Ina haɗa takardar fomulolin fiziks kafin jarrabawa. In jera su babi-babi yadda suke a littafi, ko akwai tsarin da ya fi?"

Ka jera su bisa irin tambayar da suke warwarewa, wato abin da aka ba ka da abin da ake nema. Misali, ka buɗe rukuni mai suna "ana neman gudu, ba a faɗi lokaci ba", ka sa v² = u² + 2as tare da mgh = ½mv², ko da yake babinsu ya bambanta. Idan aka saki dutse daga tsayin mita 20, kuma g = 10 m/s², kowacce daga cikinsu za ta ba ka v² = 400, wato mita 20 a daƙiƙa, don haka ɗaya na tabbatar da amsar ɗaya.

Sai dai ka rubuta sharaɗin kowace fomula a gefenta, domin a nan na ga ɗalibai sun fi faɗuwa. Ta farko tana aiki ne idan a, wato yadda gudu ke ƙaruwa ko raguwa, ba ya canzawa, ta biyu kuwa sai abu ya fara motsi daga tsaye cik kuma babu gogayya; idan tambaya ta ce gangaren yana da kaushi, dole ka cire aikin gogayya daga mgh tukuna.