Kotin ko mai haɗin roba a zafin Accra?

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Aiki ya dawo da ni unguwar Nima a Accra daga Tamale, gumin garin nan kuwa ba ya bushewa. Zan ɗinka kayan fita kala uku. Mai yadi ya ce in ɗauki mai haɗin foliyesta don ba ya yamutsewa. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da zuwa. Ni tela ce, na daɗe a kan keke a Maamobi, bari in faɗa miki abin da hannuna ya taɓa.

A Tamale lokacin rani iska busasshiya ce, gumi na fita take shanye shi. Nan bakin teku muke, laimar iska kan kai kashi 80 cikin ɗari, iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa. To aikin ya koma kan tufa: ta tsotse gumin, ta kuma bar iska ta ratsa. Zaren auduga yana riƙe ruwa kamar kashi 7 zuwa 8 na nauyinsa ba tare da kin ji shi a jiƙe ba. Foliyesta ko kashi 1 ba ta kaiwa, don asalinta roba ce. Gumin sai ya tsaya tsakanin fata da yadi, rigar ta manne a gadon baya, ƙurajen zafi su biyo baya. Tana kuma kama maiƙon jiki, shi ya sa hammatar rigar ke wari ko an wanke. Mai yadi bai yi ƙarya ba, ba ta yamutsewa. Amma ba shi zai zauna a trotro, motar haya, a cunkoson shataletalen Circle da rana tsaka ba.

Sai dai kar sunan kotin kaɗai ya ruɗe ki. Wata Hajiya ta taɓa kawo mini boyil fari, auduga zalla, marar nauyi, na ɗinka mata doguwar riga. Da yake shara-shara ne sai na sa masa shafi daga kafaɗa har ƙasa, irin mai santsin nan da muke saye da araha. Bayan sati biyu ta dawo rai a ɓace, wai an cuce ta a kasuwa, kamar an sa ta a leda take ji. Na yanko ɗan ƙyalle daga ragowar yadin na ƙyasta masa ashana: ya ci da wuta, ya yi warin takarda, ya bar toka mai laushi. Na ƙona na shafin, sai ya nannaɗe yana narkewa, ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Laifina ne, ba na mai yadi ba. Na farke shafin na sa farin kotin siriri, iya ƙirji zuwa gwiwa, maganar ta mutu. Don haka ki tambayi telarki da me za ta yi shafi kafin ta yanka.

Wannan gwajin ashana ki yi shi kafin ki biya. A kasuwar Makola in kin nemi ɗan yanki daga bakin yadi, da yawa za su ba ki. Ki fita gefe, nesa da kayan mutane. In kin ga toka amma gefenta ya yi ƙanzo mai tauri, haɗi ne. Wanda ake kira TC yawanci 65 foliyesta ne, 35 auduga, wato robar ce ke mulki. Shi ake yi wa yara kayan makaranta. In dole sai haɗi, nemi wanda audugar ta kai 60. Ki yi hattara da atamfa mai arha sosai, wata zanen ne kawai na atamfa, jikin roba.

Sannan ki ɗaga yadin ki kalli rana ta cikinsa, ki kara shi a baki ki hura. In iskar ba ta taɓa tafin hannunki ba, ajiye shi. Shadda mai kyau auduga ce, amma saƙarta a matse take, ga sitaci, sai ta koma bango. Ta Sallah da biki ce, ba ta zuwa aiki ba.

Inda kotin ke ba da haushi shi ne damina. A watan Yuni kaya sai su kwana biyu a igiya, in kin ninke da sauran danshi fumfuna ta yi musu ɗige-ɗige baƙaƙe. Yana kuma ɗan tsukewa a wankin farko, shi ya sa nake jiƙa shi ya bushe kafin in sa almakashi.

Da ni ce, biyu zan yi na kotin marar nauyi, ɗinki sakakke, hannu mai faɗi. Na ukun in yi mai haɗi 60 da 40 saboda ranakun ruwa, ki wanke da dare ki sa da safe. Hijabinki ma ki gwada shi da ashanar, galibinsu roba ne, wuya da kai kuma nan zafi ke taruwa.