Na saka kuɗin marayu a shagona, gobara ta ci: zan biya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yayana ya rasu ya bar ɗa namiji ɗaya da 'ya'ya mata biyu, duk ƙanana, kuma kafin rasuwarsa ya yi wasiyya ni zan riƙe musu dukiya. Bayan an raba gado, rabonsu na tsabar kuɗi ya kama naira miliyan 8. Na ɗebi miliyan 3 na ƙara jari a shagona da niyyar mayarwa, ban rubuta ba, ban gaya wa kowa ba, sai gobara ta cinye shagon. Shin biyan yana kaina? Kuma zan iya ɗaukar ladan wahalata?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mamacin, Ya mayar maka da alheri. Biyan miliyan 3 ɗin nan yana kanka gaba ɗaya.

Kai wasiyyi ne, kuma hannun wasiyyi hannun amana ne. Ma'ana, dukiyar ta yaran ce, kai tsaro da juyawa kawai aka ba ka. Mai riƙon amana ba ya ramuwa idan abu ya salwanta, sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Da kuɗin suna ajiye inda aka saba ajiye irinsu, ɓarayi suka fasa, da ba ka biyan ko kwabo. Amma ranar da ka ɗebe su don amfanin kanka, sun tashi daga amana sun koma bashi a wuyanka, shi kuwa bashi gobara ba ta sauke shi. Niyyar mayarwa ba ta canza wannan hukunci, ita ce ma shaidar cewa rance ka ɗauka.

Wani zai ce ai a Muwaɗɗa an kawo maganar Sayyidina Umar cewa a yi kasuwanci da dukiyar marayu kada zakka ta cinye ta. Haka ne, kuma Risala ta ce wasiyyi yana da damar yin fatauci da ita. Sai dai fataucin don su ake yi, riba tasu ce. Hanyar da malamanmu Malikawa suka shimfiɗa ita ce ƙiradi: a ba wani amintaccen ɗan kasuwa jari, a yanka masa kaso na riba, rabi ko sulusi, a rubuta, a kafa shaidu. In aka yi asara a nan ba tare da ganganci ba, kan dukiyar ta faɗa. Sun karhanta wasiyyi ya karɓi ƙiradin da kansa, domin shi ne mai bayarwa shi ne mai karɓa, wa zai yi ciniki a madadin yaran?

Yanzu ka kira adalai biyu ka yi iƙirari a rubuce. Miliyan 8 ɗin namiji yana da 4, kowace mace 2, don haka abin da ka ɗeba ya zama bashin namiji 1,500,000, kowace mace 750,000. In ba ka da halin biya lokaci guda, ka je gaban alƙali a tsara maka biya kashi-kashi. Uwarsu ba ta da ikon yafe maka, yaran ma yafewarsu ba ta zartuwa kafin su mallaki kansu. Ragowar miliyan 5 ka ware musu asusun da ba ruwa a cikinsa, da littafi mai shafin kowane yaro daban. Zakka tana wajaba a dukiyar yaro a mazhabar Malik, kashi ɗaya cikin 40, amma rabon kowa ake aunawa da nisabi shi kaɗai, ba a haɗa ukun. Cuɗanya dukiyar marayu da ta mai riƙonsu da aya ta 220 ta Baƙara ta sauƙaƙa irin ta tukunya ɗaya ce, a ɗebi gwargwadon cinsu a zuba a cefanen gida.

Batun lada, aya ta 6 ta Nisa'i ta yanke: mawadaci ya kame, matalauci ya ci daidai da abin da aka sani. In gobarar ta talauta ka, kuma kana yi wa dukiyar aiki na gaske, bari alƙali ya ƙayyade maka, kada ka yanka wa kanka, kada kuma ka cire shi daga bashin da ra'ayinka.

Ayar dai ta sa sharaɗi biyu kafin miƙa dukiya: balaga da iya tattali. Ka gwada yaro da kaɗan ka ga yadda zai yi. Ranar miƙawa ka kafa shaidu, domin in ya musa daga baya, ba a karɓar maganar wasiyyi cewa ya bayar sai da hujja.

Wallahu a'alamu.