Hannun da ke zane ya riga bakina: yaya zan daidaita su?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar kimiyya ce a wata makarantar firamare a Gusau. Na fara haɗa bidiyon darasi irin wanda hannu ke zane a kan farin allo, da manhajar VideoScribe. Na yi na zagayowar ruwa, amma wani wuri hannun yana gudu kamar ana korarsa, wani wuri kuma na gama bayani shi bai gama zane ba. Zuwa ƙarshe ina maganar ruwan sama, shi yana kan gajimare. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri bisa wannan ƙoƙari. Ina kyautata zaton kin fara jera zanuka ne, daga baya kika ɗora murya. Juya tsarin za ki yi: murya ce gaba, zane na bin ta a baya. Ki rubuta abin da za ki faɗa, ki naɗa shi da waya ko da manhajar naɗar murya ta Audacity cikin natsuwa, yadda kike magana a gaban 'yan aji biyar. Kada ki taɓa zane ko ɗaya sai muryar ta gamsar da ke, domin duk jimlar da kika sauya daga baya za ta ture lokacin duk abin da ke bayanta.

Sai ki ɗauki biro da takarda, ki saurari muryar, ki rubuta daƙiƙar da kowace jimla ta fara. Mu ɗauki darasin naki. A ce kin faɗi "Ga tafki cike da ruwa, rana tana dukansa" daga farawa zuwa daƙiƙa ta 5. Jimlar tururi ya tashi sama ta ɗauke ki daga 5 zuwa 12, ta tururi ya haɗu da sanyi ya zama gajimare daga 12 zuwa 21, sannan saukar ruwan sama daga 21 zuwa 28. Yanzu kowane zane ya san gidansa.

A VideoScribe kowane hoto yana da lokuta uku: `Animate`, wato tsawon lokacin da hannu zai yi yana zane, `Pause`, tsayuwar da za a yi bayan an gama, da `Transition`, lokacin tafiya zuwa abu na gaba. Jimillar ukun ce dole ta yi daidai da gidan da kika ware. Gajimare yana da daƙiƙa 9, don haka sai ki ba zane 5, tsayuwa 3, tafiya 1. A nan ne mafi yawan masu farawa ke tuntuɓe, domin suna lissafa lokacin zane kaɗai su manta da sauran biyun. Rabin daƙiƙa ba komai ba ce a ido, amma idan ta ƙaru a kan hotuna 20 ta zama daƙiƙa 10. Alamar wannan cuta ita ce wadda kika gani: farkon bidiyo lafiya lau, tsakiya an ɗan ja da baya, ƙarshe baki da hannu sun raba gari. Maganinta ki riƙa duba daidaito bayan kowane hoto uku ko huɗu, kada ki bari sai kin kai ƙarshe.

Tsayuwar nan ta daƙiƙa 3 ita na fi so ki riƙe, kuma ita aka fi yi wa rowa. Muddin hannu na motsi, idon yaro na kan bakin alƙalami, yana ƙoƙarin cankar abin da zai fito. Sai hannun ya janye ne yake ganin hoton a dunƙule, ya haɗa shi da abin da kunnensa ya ji. Don haka ki saita zanen ya fara da farkon jimla, siffarsa ta bayyana daidai lokacin da bakinki ya ambaci sunansa, sauran jimlar kuma ta ƙare allo yana tsaye cik. Richard Mayer, mai bincike kan yadda ake koyo a Jami'ar California da ke Santa Barbara, ya daɗe yana nuna cewa an fi fahimta idan magana da hoton da ya dace da ita suka zo lokaci guda, maimakon ɗaya bayan ɗaya. Duk malamin da ya taɓa riƙe alli ma ya san haka a aikace.

Batun gudun hannu kuwa, ba lokaci ne ya yi kaɗan ba, layukan ne suka yi yawa. Manhajar tana bin kowane layi na hoton, kuma za ta cusa su duka cikin lokacin da kika ba ta. Rana mai da'ira ɗaya da tsirkiya takwas tana zanuwa cikin daƙiƙa 2 hankali kwance. Tafki mai ciyayi da kwale-kwale da masunci, idan kika ba shi daƙiƙa 3, hannun zai riƙa karkarwa kamar mai zazzaɓi. Awon da nake yi shi ne in bi bakin alƙalamin da yatsana a kan allon kwamfuta. Idan ya tsere mini, ya tsere wa yaro. Rage layukan, ko ki raba aikin: tafkin da ba shi ne darasi ba ki bar shi ya bayyana kawai ba tare da hannu ba, ki ajiye hannun don kibiyoyin tururi. Su ɗin ne ma'anar darasin, kuma su zanu daga ƙasa zuwa sama, yadda tururi ke tashi. Na taɓa ganin bidiyon da aka zana kibiyar daga sama zuwa ƙasa, sai daga baya aka sa mata kai a sama, yara suka ɗauka ruwan sama ne.

Wannan ikon kuwa ba ya samuwa sai da hoton `SVG`, wanda layukansa ke ajiye ɗaya bayan ɗaya. Idan kika zana shi a manhajar zane ta Inkscape, wadda kyauta ce, hannun zai bi layukan bisa jerin da kika zana su, kowanne daga inda kika fara shi. Hoton `JPG` ko `PNG` ba shi da layi a cikinsa, sau da yawa sai dai hannun ya yi ta goge-goge har ya bayyana. Rubutu kuma ki taƙaita shi zuwa kalma ɗaya ko biyu, kamar "tururi", kuma ki gwada salon haruffan tukuna, don wasu ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai su bar miki gurbi ko ɗan akwati.

Tambaya: Ni ba ni da kwamfuta, waya kawai gare ni. Zan iya? Daga wani malamin lissafi a Maraɗi.

Amsa: Sosai kuwa, Malam, da hannunka na gaske ma. Shimfiɗa farar takarda kusa da taga, ka tara littattafai gefe, ka ɗora wayar a kai kyamara na kallon ƙasa, ka manne takardar da salatif don kada ta goce. Yi amfani da baƙar maka mai kauri, ka ɗauki kowane mataki a matsayin guntun bidiyo daban, kana janye hannu a ƙarshen kowanne ka ƙirga uku. A manhajar haɗa bidiyo ta CapCut sai ka sa muryar da ka riga ka naɗa, ka ƙara wa kowane guntu sauri. Lissafin irin naka ne: tsawon guntu raba da lokacin da kake so ya ci. Zanen da ya ɗauke ka daƙiƙa 24, kana son ya shiga cikin 6, sauri ninki 4 ke nan. Ka yanke wutsiyar da hannu ya janye ka bar ta a saurinta na asali, in ba haka ba tsayuwar ma za ta ƙanƙance. Amma warware lissafi kansa kada ka wuce ninki 2, domin ɗalibi yana bukatar ganin inda ka ɗauko lambar da ka aro kafin ta sauka a layi na gaba.