"Don Allah" da "a yi haƙuri" a saƙon imel na Turanci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatun digiri na biyu a Ingila. Na so malamin da ke duba aikina ya sa mini hannu a wata takarda kafin Juma'a. A zuciyata na tsara maganar kamar haka: "Ranka ya daɗe, don Allah a yi haƙuri, ina neman alfarma a taimaka a sa mini hannu." Na juya ta zuwa Turanci kalma bayan kalma na aika. Sai ya amsa yana tambayata ko wani abu ya same ni ne, ko kuwa ya ɓata mini rai. A ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Hausarki ba ta da aibu ko kaɗan, haka duk mai tarbiyya zai yi wa malaminsa magana. Abin da ya faru shi ne, kalmomin ladabi suna kama da tsabar kuɗin da ta daɗe tana yawo a hannun mutane har zanen jikinta ya goge. Muna kashe su a kan darajar da muka sani, ba ma tsayawa karanta abin da aka rubuta a jikinsu. Da zarar an fassara su kalma da kalma, sai tsohon zanen ya dawo fili, wanda aka aika wa kuma shi yake karantawa.

Ɗauki "don Allah". Bahaushe yana faɗin ta ko gishiri zai ce a miƙo masa, ba tare da ya ji ya yi wani babban roƙo ba. Idan kika rubuta "for God's sake", to kin faɗi abin da Bature yake faɗa idan haƙurinsa ya ƙare, daidai da a ce wa mutum "haba, wai me ke damunka ne?" Kalma ɗaya ta wadatar a nan, wato "please".

Inda na fi zargin an samu tangarɗa shi ne "a yi haƙuri", domin wannan magana tana da ayyuka da yawa a bakinmu. Wanda ya taka ƙafarki zai ce ki yi haƙuri, yana neman afuwa. Wanda ya zo miki jaje ko ta'aziyya zai ce a yi haƙuri, alhali ba shi da laifin komai. Ɗan kasuwar da ba zai ba da bashi ba zai ce "sai dai haƙuri", ya ƙi ke nan cikin mutunci. Akwai kuma irin taki, wadda ake share fage da ita kafin a nemi abu, ma'anarta "na san zan ɗan ci lokacinka". Fassarar kalma da kalma zuwa Turanci ba ta ɗaukar waɗannan huɗun. Idan aka rubuta "be patient", umarni ne, kuma yana ɗauke da zargin cewa mutumin ya nuna gajen haƙuri. Malami ya buɗe saƙon ɗalibarsa ya ga ana ce masa ya daure ya daina gaggawa, dole ya tsaya tunanin yaushe ya yi mata gaggawar. Idan kuma aka rubuta "forgive me", zai jira ya ji laifin da aka yi, ya karanta har ƙarshe bai gan shi ba.

Sai "alfarma". Ko a Hausa, alfarma abu ne da ake yi wa mutum ba don ya zama dole ba, sai don darajarsa ko ta wani. Mukan kira haƙƙinmu alfarma da gangan, don mu bar wa babba girmansa, shi ma ya san haka. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, kowa a wurin ya san wanda ya durƙusa zai tashi da tsawonsa. Amma wanda bai taso cikin wannan fahimta ba, idan ya ga "I am begging for a favour", zai ɗauka ana so ya yi abin da ya saɓa wa ƙa'ida, ko kuma mai roƙon yana cikin wani mawuyacin hali. Sa hannu a takardar ɗalibi aikinsa ne. Wannan ɓangaren ne yake damuna ƙwarai, domin na ga mutane masu neman kuɗin aikin da suka riga suka yi sun rubuta irin wannan, aka ajiye saƙonsu gefe kamar na masu neman tallafi.

"Ranka ya daɗe" ba ta buƙatar dogon bayani. Addu'ar tsawon rai ga malami baƙuwa ce a saƙon aiki na can. Ki fara da "Dear", ki sa muƙaminsa da sunan danginsa.

Kada ki ɗauka Turanci ba shi da ladabi. Wurin ajiyarsa ne ya bambanta. Dubi yadda kika ce "a taimaka a sa mini hannu", ba ki ce "ka sa mini" ba. Wannan "a" ɗin, wadda ba ta nuna mutum kai tsaye, ita ce rabin ladabin jimlar, kamar yadda ake ce wa dattijo "an tashi lafiya?" ko a kira shi da "ku". Turanci yana yin wannan kaucewar ta hanyar mayar da umarni tambaya, a bar wa mutum ƙofar cewa a'a. Saboda haka dukan saƙonki zai koma:

"Could you please sign the attached form by Friday? The department needs it that day. Thank you very much."

Tambayar da aka fara da ita ta ɗauki aikin "a taimaka". Faɗin ranar da dalilinta shi ne girmama lokacinsa, aikin da "a yi haƙuri" ta zo yi tun farko. Godiyar ƙarshe ta tsaya a gurbin "Allah ya ƙara girma". In kina jin saƙon ya yi tsirara ba gaisuwa, layi ɗaya na fatan yana lafiya ya isa. Tambayar iyali da gajiya da sanyi, ki bari sai kun saba.

Wannan shawara tana da iyaka. Da a ce wani farfesa ne a Kano ko Zariya kika rubuta wa da Turanci, to kunnensa na Hausa ne zai karanta, kuma zai iya jin gajeren saƙon nan ya yi masa tsaye. Ga shi kuma ofisoshinmu sun gaji salon wasiƙun zamanin mulkin mallaka, irin su "I humbly beg to apply", wanda su Ingilan suka daɗe da bari. Shi ya sa idan fassararmu ta haɗu da wannan tsohon salo, ƙanƙan da kan yakan ninka. Kafin ki aika, ki dubi kowace kalmar ladabi da kika sa ki tambayi kanki aikin da ta zo yi: neman afuwa ne, jaje ne, ko share fage? In ba ki yi laifi ba, ki cire ban haƙurin. In abin da kike nema yana cikin aikin mutumin, ki cire alfarmar ki sa rana.