Amsa kan tumatir mai yaushi da kullutu a saiwa

"Malam barka da yamma. Tumatir ɗina da rana sai ya yi yaushi ko da na ba shi ruwa, na tuge wani na ga saiwar duk kullutu. Na cire shi na sa tattasai, bayan shi na sa kuɓewa, amma abin sai ƙaruwa yake yi. To ba an ce sauya shuka na maganin wannan ba?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, barka kadai. To ka ga abin da ka yi ɗin nan, wallahi mutane da yawa haka suke yi, sunan shukar ka canza amma abincin tsutsar yana nan yadda yake. Wannan kullutun aikin wata 'yar tsutsa ce da ake kira nimatod, ido ba ya ganinta, tana shiga cikin saiwa ta zauna wuri guda tana tsotsa, wurin sai ya kumbura, hanyar ruwa ta toshe, shi ya sa ƙasa a jiƙe amma ganye a langaɓe da tsakar rana, da yamma ya ɗan farfaɗo. Tumatir da tattasai da attaruhu da barkono da yalo da dankalin turawa duk 'yan gida ɗaya ne, cutar da ke kama wannan yawanci tana kama wancan. Ita kuwa kuɓewa ba danginsu ba ce, amma a wajen tsutsar nan tana cikin waɗanda ta fi so, haka kokwamba da kankana da karas da latas. Kenan shuka uku a jere kana kiwonta.

Bari in yi maka lissafi ka ga inda abin yake. Mace ɗaya tana zuba ƙwai ɗaruruwa, 300 zuwa 500 ba abin mamaki ba ne, kuma in ƙasa da ɗumi cikin sati 3 zuwa 4 ƙwan ya ƙyanƙyashe ya girma shi ma ya fara zubawa. Tumatir yana kai wata 4 a fili, wato zuriya huɗu ko biyar. Mu ɗauka a kowace mace guda 10 kacal suka rayu, to 1 ta zama 10, 10 ta zama 100, 100 ta zama 1000 kafin ka gama tsinka, sai ka kawo kuɓewa ta ɗora daga nan. Amma fa tana da rauni guda, ba ta iya hayayyafa sai a cikin saiwa mai rai wadda ta karɓe ta. In ta ƙyanƙyashe ta nema ta rasa, ɗan kitsen jikinta ya ƙare, yunwa ta kashe ta. Duk dabarar sauya shuka a nan take, ka hana ta abinci tsawon lokaci.

Yanzu ga yadda zan yi da a ce filin nawa ne. Da farko kuɓewar nan in ka gama da ita kar ka sare ta ka bar gindin, tuge ta da saiwarta gaba ɗaya ka tara waje guda ta bushe ka ƙona, don ƙwan a jikin saiwar yake, kuma don Allah kar ka zuba a ramin taki. Sai ka kafce wurin ka bar shi babu ruwa a lokacin zafi, duk sati biyu ka sake juya ƙasar rana ta gasa ta. Sannan ka raba filin huɗu. Kashin da kullutu ya fi yawa shi zai fi daɗewa bai ga tumatir ba, ka fara sa masa dawa ko gero, bayansu albasa ko tafarnuwa, shekara ta biyu riɗi ko masara, sai kabeji, ta uku ka sake komawa hatsi, sai a ta huɗu tumatir ya dawo. Sauran kashi ukun su ma haka, kowanne da shekarar da tumatir zai faɗo masa, ka ga duk shekara kana da tumatir a kashi ɗaya, amma babu kashin da ya gan shi sau biyu cikin shekara huɗu. In filin ya yi maka kaɗan, to aƙalla shekara biyu cur kafin tumatir ya dawo. Albasa da masara ba wai tsutsar ba ta taɓa su sam ba ne, hayayyafarta ce ke raguwa a kansu, shi ya sa na sa dawa da gero a gaba. Akwai kuma furen nan marigol, in aka shuka shi shi kaɗai a cike ya yi wata 2 zuwa 3 yana rage ta sosai, amma 'yan tsiraru a bakin fangali ado ne kawai. Wake kuma ka yi hattara, ire-irensa da yawa suna ɗaukarta. In ka tuge wake ka ga ƙwayoyi a saiwa ka murza da yatsa, in ta ɓalle daga gefe cikinta ja-ja to ta arziki ce, mai ƙara wa ƙasa ƙarfi, in kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura ba ta ɓallewa, to tsutsar ce.

Inda mutane ke faɗuwa, su sa dawa su bar ciyawa a ƙarƙashi. Alayyafon daji da gautan kaji da tumatir ɗin da ya tsiro da kansa, duk suna ciyar da ita, ka yi shekara kana ganin ka hutar da ƙasa ashe tana nan tana ci. Na biyu gadon reno, in a ƙasar nan mai cuta ka yi renon iri to da hannunka za ka dasa ta a sabon wuri. Ita da kanta ba ta yin tafiyar mita ɗaya a kaka guda, mu ne ke ɗaukarta a fartanya da takalmi da ruwan da ya bi ta fangali mai cuta ya gangara na gaba. Ka fara ban ruwa da aiki daga mai tsabta, ka ƙare a mai cuta, ka wanke kayan aiki.

Kuma gaskiya ba komai sauya shuka ke warkarwa ba. Ka yanki karan tumatir mai yaushi kusa da gindi ka rataya bakin a cikin kofin gilashi mai ruwa, in bayan 'yan mintuna ka ga wani fari kamar zaren madara yana sauka, wannan yaushin bakteriya ne, yana daɗewa a ƙasa. In ka tsaga karan ka ga cikinsa ruwan ƙasa-ƙasa, ganye na rawaya ta gefe guda, ya fi kama da fusariyam, shi kuwa yana iya yin shekaru masu yawa a kwance, sauyi rage shi kawai zai yi, sai ka haɗa da iri mai juriya. Raunin da tsutsar ke yi wa saiwa shi ke buɗe musu ƙofa, don haka in ka rage ta su ma sun ragu. A fakitin iri ka duba harafin N da F, N na juriyar tsutsar ne, F na fusariyam, sai dai juriyar tsutsar tana karyewa in zafin ƙasa ya wuce digiri 28. Cutar murɗewar ganye da farin ƙuda ke kawowa kuwa ta iska take zuwa, babu ruwanta da abin da ka shuka bara.

Kafin ka mayar da tumatir kowane kashi, ɗebo ƙasa daga wurare biyar ko shida, zurfin kamar taƙi guda, ka cakuɗa a bokiti ka shuka kuɓewa ko kokwamba, bayan sati 5 ka zazzage ka wanke saiwar. In fara ce sumul, bismillah. In ka ga kullutu ƙara masa kaka ɗaya ta hatsi. Kuma ko ta fito da tsabta, tumatir sau ɗaya za ka yi a wurin ka tashi, don kaka guda ta isa ta mayar da ita yadda take. Ka turo mana hoton saiwar kuɓewar nan a guruf in ka tuge, da na cikin karan tumatir in akwai saura.